Tsakanin "An Yi" Da "Na Yi": Saƙon Da Za Ka Gaya Wa Maigida Kuskurenka

Ranar Asabar, 1 ga Fabrairu, 2020, harajin VAT a Nijeriya ya tashi daga kashi 5 cikin 100 zuwa kashi 7.5. Tun ranar 13 ga Janairu Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar, an yi ta faɗa a rediyo, mu ma a wurin aikinmu an tara mu an sanar da mu. A lokacin ina babban akawu a wani kamfanin sayar da kayan gini a Kano, fenti da tayil da kwanon rufi. Akwai wani yaro a ƙarƙashina wanda bai cika wata biyar da kama aiki ba, shi ke fitar wa masu sari takardar neman biya. Yaro ne mai natsuwa, mai kunya, ba ya makara. Saboda shi nake rubuta muku wannan nasiha, ƙannena da kuka fara aiki a ofis ko shago ko sito, domin saƙon da ya rubuto mini a wancan mako kowannenku zai rubuta irinsa wata rana, ko yana so ko ba ya so.

Ga abin da ya faru. Na tura masa sabon fom tun ranar Juma'a. Da safiyar Litinin, 3 ga wata, mutane sun cika gaban teburinsa, sai ya yi abin da ya saba yi don sauri: ya buɗe wata takarda ta watan Janairu a kwamfuta, ya goge sunan mai kaya da lissafin, ya zuba sabo. A can ƙasan takardar, gidan da ke lissafa haraji yana nan yadda yake, `=D20*0.05`, alhali kamata ya yi ya zama `=D20*0.075`. Takardu uku suka fita a haka kafin ya koma kan sabon fom. Ɗaya ta kayan naira miliyan 4, ɗaya ta miliyan 2.4, ɗaya ta miliyan 1.6. Jimilla miliyan 8. Kashi 2.5 da ya ɓace a kansu ya kama naira 200,000. Hukumar tara haraji kuwa ba ruwanta da abin da muka rubuta wa mai saye. Harajin watan Fabrairu sai mun biya shi cikakke kafin 21 ga Maris ta wuce, in ba mu karɓo a hannun masu sayen ba, daga aljihun kamfani zai fita.

Yaron ya gano abin da kansa ranar Alhamis wajen la'asar, yana shigar da cinikin mako cikin babban littafi. Ya ga harajin naira 200,000 a kan kayan miliyan 4, inda ya kamata ya ga 300,000. Bai ce mini komai ba har muka tashi. Da ƙarfe 10 saura na dare wayata ta yi ƙara, na ga wannan a WhatsApp:

"Salam Oga, barka da dare, ya gida ya iyali. Don Allah don Annabi ka yi haƙuri, wallahi an ɗan samu matsala a wajen takardun nan. Ka san ranar mutane sun yi yawa ga wuta tana ta ɗaukewa, kuma tsohon fom ɗin ba a cire shi daga kwamfutar ba. Wallahi tsautsayi ne, tun ɗazu hankalina a tashe yake ko abinci na kasa ci. Don Allah ka rufa mini asiri, in sha Allahu ba za a sake ba."

Sau uku na karanta. Ban san waɗanne takardu ba, ban san na wace rana ba, ban san nawa ne ba, ban san ko kuɗi ne ya fita ko kaya ne suka salwanta ba. Na kira, wayar a kashe, ashe tsoro ya sa ya kashe ta bayan ya tura. Da na ga "ka rufa mini asiri", zuciyata ta tafi can inda ya fi muni, na ɗauka hannunsa ya taɓa kuɗin kamfani. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Kuma ku lura, babu ƙarya ko ɗaya a saƙon nan. Mutane sun yi yawa, wuta ta ɗauke, tsohon fom yana nan, abinci ma na tabbata bai ci ba. Duk gaskiya ne, amma gaskiyar da ta shafe shi ce, ba wadda ni nake bukata in yi aiki da ita ba.

Idan aka ce muku ku kula da sautin saƙo, yawanci za ku ɗauka ana nufin ladabi, wato yawan gaisuwa da yawan ban haƙuri. Saƙon yaron nan cike yake da ladabi. Abin da ya lalata shi ƙaramar kalma ce mai harafi biyu: "an". Harshenmu ya ba mu wannan kalma don mu faɗi aiki ba tare da mun ambaci mai aikin ba, kuma tana da amfaninta. Da ita ake sakaya suna don kunya, da ita ake gyara wa babba ba a nuna shi da yatsa ba. Amma a bakin mai laifi sai ta zama maɓoya. An samu matsala. An yi kuskure. Ba a duba ba. Ba za a sake ba. Wa ya samu, wa ya yi, wa bai duba ba? Tana da 'yan'uwa kuma: takarda ta ɓace, kuɗi sun ƙi cika, lissafi ya rikice, mota ta wuce ni, kamar takardar ce ta yi ƙafa ta fita. Duk wanda ya daɗe yana shugabantar mutane kunnensa ya san wannan salo. Da ya ji shi, sai ya bar tunanin gyara ya koma bincike, domin an bar masa aikin gano wanda ya yi. Kai kuma da ka ɗauka ka sassauta wa kanka, ka mai da kanka wanda ake tuhuma ne. Wanda ya ce "na yi kuskure" ya rufe binciken tun a jimlar farko, sauran magana duk ta gyara ce.

Sai kalmar "ɗan". An ɗan samu matsala, ɗan kuskure ne, 'yar mantuwa ce. Ba kai ne za ka auna girman ɓarnar da ka yi ba. Naira 200,000 a wurin wani maigida ba komai ba ce, a wurin wani kuwa albashin ma'aikata da yawa ne, kuma akwai abin da yake gani wanda kai ba ka gani, kamar wane ne mai sayen da abin ya shafa da yadda suke da shi. Ka faɗi adadin, shi ya auna. Haka nan kada ka tafi ɗaya gefen ka ce ka tafka babbar ɓarna wadda ba ta gyaruwa. Wannan ma awo ne, kuma yana tayar da hankali a banza. Lamba ba ta rage abu, ba ta kumbura shi.

Maganar tsautsayi da ƙaddara ina so in taɓa ta da hankali, don ta shafi imani. Babu mai musun cewa komai da sanin Allah yake faruwa. Amma ƙaddara abin da mutum yake rarrashin zuciyarsa da shi ne bayan ya yi iya ƙoƙarinsa, ko abin da maigida zai gaya maka shi da bakinsa in ya ga ka damu: "ba komai, haka Allah ya ƙaddara." Daga bakinsa tausayi ne. Daga bakinka kai mai laifin kuwa, tun kafin ka faɗi abin da ka yi, ka riga shi yafe wa kanka ke nan, ka kuma ɗaure masa baki, domin in ya matsa da tambaya sai ya ji kamar yana ja da hukuncin Allah. Mutane ba sa son a sa su a wannan kwana, ko da ba su faɗa ba. Haka "sharrin shaiɗan" da "ɗan Adam ajizi ne". Ka bar masa su, in ya ga dama ya faɗa.

Yawan roƙo ma nauyi ne. "Don Allah don Annabi", "ka dubi girman iyayenka", "na kasa cin abinci", "ban cancanci aikin nan ba". Mai rubuta wannan yana ganin ƙanƙan da kai yake yi, kuma na san da zuciya ɗaya yake yi. Sai dai ka duba abin da ka ɗora wa mai karantawa. Yana da asarar da zai tare, ga shi ka ba shi aiki na biyu, ya lallashe ka. Saƙon ya tashi daga kan takardun kamfani ya koma kan halin da kake ciki. "Ka yi haƙuri" sau ɗaya ya isa, kuma ya fi nauyi in ya zo bayan ka faɗi abin da ka yi, don a lokacin an san abin da ake haƙuri a kansa. Rantsuwa kuwa, in ba a ƙaryata ka ba, me ya kawo ta? Wallahi biyu a saƙo ɗaya shakka suke jawowa. "Ka rufa mini asiri" ita ce mafi haɗari, domin roƙo ne a haɗa baki a ɓoye, ni kuma ina da nawa maigidan da zan yi wa bayani.

Washegarin saƙon, ranar Juma'a, na riga yaron zuwa. Da ya shigo idonsa ja, ya durƙusa zai fara wani sabon ban haƙurin, na ce ya tashi ya jawo kujera. Na yi masa tambayoyi, kowace ya amsa ta da jimla ɗaya. Me ka yi? Yaushe? Nawa ne? Wa ya riga ya biya? Ka tabbata ukun ne kaɗai? A nan ya yi shiru, don bai duba sauran ba. Na ce ya je ya duba duk takardun da ya fitar daga Litinin zuwa Alhamis. Minti ashirin ya ɗauke shi. Da ya dawo na ce, to, yanzu sake rubuto mini saƙon jiya, ka rubuta shi yadda zan iya tura wa Alhaji, maigidan namu, kai tsaye ba tare da na ƙara ko na rage ba. Ya yi sau biyu ina mayar masa, na uku ya fito haka:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Na yi kuskure a takardun neman biya guda uku da na fitar ranar Litinin, 3 ga Fabrairu. Na sa VAT kashi 5 maimakon 7.5. Kayan na naira miliyan 8 ne, don haka kuɗin ya gaza da naira 200,000: 100,000 a ta farko, 60,000 a ta biyu, 40,000 a ta uku. Tsohuwar takarda na kwafa, ban duba adadin harajin ba kafin in fitar. Mai ta farko ya riga ya biya ranar Talata, sauran biyun ba su biya ba. Na duba duk takardu 14 da na fitar a makon nan, waɗannan ukun kaɗai abin ya shafa. Na shirya sababbin takardu uku, suna kan teburinka, ban aika ba. In ka amince zan kai wa mutum biyun nasu yau kafin a tafi masallaci. Wanda ya riga ya biya ina jiran umarninka, in kira shi ne ko kai za ka yi masa magana. Ka yi haƙuri. Zan sanar da kai inda aka kwana da ƙarfe 4, in sha Allah."

Ku karanta shi da babbar murya ku ji. Ba sanyi ne da shi ba, ba kuma rawar jiki. Muryar mutum ce wanda ya ji ciwon abin da ya yi amma hannunsa na kan aiki. Sallama tana nan, girmamawa tana nan, sai dai ba a ja su ba. Gaisuwar gida da iyali da gajiya tana da ranarta, a saƙon da ke ɗauke da mugun labari kuwa jan rai ce, mai karantawa yana ji a jikinsa cewa ana kewaye-kewaye. Jimla ta biyu ta riga ta faɗi laifin, ta uku da ta huɗu sun faɗi girmansa. Ko da Alhaji yana cikin mota ne ya leƙa wayarsa bai buɗe saƙon ba, layin farko da zai gani ya ishe shi ya san mene ne.

Akwai jimla ɗaya da muka fi daɗewa a kanta: "Tsohuwar takarda na kwafa, ban duba adadin harajin ba kafin in fitar." Yaron ya tambaye ni, tunda na hana shi kawo uzuri, me ya sa na bar wannan. Tambaya ce mai kyau, kuma a nan yawancin mutane ke ruɗewa, har wasu su ɗauka rashin kawo uzuri yana nufin kada a yi bayani sam. Dalili daban, uzuri daban. Dalili shi ne hanyar da kuskuren ya bi ya shigo, maigida yana bukatar saninsa don ya toshe ta, don ya san ko akwai wasu takardun da suka bi ta nan. Uzuri shi ne abin da kake kawowa don a rage maka kaso a laifin. Ga yadda nake gwada su: in aka cire jimlar, maigida zai rasa wani abu da yake bukata don yanke shawara? In aka cire maganar kwafar tsohuwar takarda, zai rasa, don ba zai san inda zai sa a duba ba. In aka cire maganar wuta da cunkoson mutane, ba abin da ya rasa, kai ne kawai ka rasa inuwa. Wata alamar kuma, uzuri yakan zo da rakiyar wasu kalmomi: "amma", "ka san", "ai", "da ma", "saboda dai". "Na yi kuskure amma" tana goge duk abin da ya zo gabanta. In ka ga "amma" a saƙonka bayan ka amsa laifi, tsaya ka duba me ke biye da ita.

To, tsohon fom ɗin da ba a cire ba fa? Gaskiya ne, kuma ba laifinsa ba ne, nawa ne. Ni ya kamata in cire shi ranar da na tura sabo, ni ya kamata in duba takardun ranar farko da canjin haraji ya fara aiki, ban yi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma da yaron ya sa wannan a saƙon amsa laifinsa, da ya zama yana amsawa da hannun dama yana miƙa mini da hagu. Da na tura wa Alhaji saƙonsa, na ɗora nawa layi biyu a ƙasa: ban cire tsohon fom daga kwamfutar ba, ban kuma duba takardun Litinin ba, na cire shi yau, daga yanzu duk takardar da ta haura miliyan ɗaya sai na sa hannu. Kowa ya ɗauki nasa. Za ku ce, in na sama da kai ba mai ɗaukar nasa ba ne fa? Akwai su, ban musa ba. Ko a nan kada ka cusa maganar cikin saƙon farko. Ka bari a tare ɓarnar, bayan kwana biyu ka kawo ta a matsayin shawara: "ranka ya daɗe, ina ganin a cire tsofaffin fom daga kwamfutar don kada wani ya sake faɗawa." Mai hankali zai gane inda ƙofar take ba tare da ka kira sunan kowa ba. Wannan bai nufin ka ɗauki laifin da ba naka ba. In takarda biyu ka fitar wani ya fitar da ta ukun, ka ce biyu ka fitar, ka ce akwai ta uku mai irin wannan kuskuren da ya kamata a duba. In kuma abu ne mai nauyi, kuɗi masu yawa sun ɓata ko wani ya ji rauni, ka tsaya kan abin da ka tabbata hannunka ya yi, kada tsoro ko kunya su sa ka rubuta abin da kake zato. Rubutu yana zama.

Gyaran da za ka kawo shi ma yana da iyaka, kuma nan ne masu ƙwazo suka fi zamewa. Yaron ya gaya mini cewa daren Alhamis ya yi tunanin ya buga sababbin takardu ya kai wa mutanen a ɓoye, ya ranto naira 100,000 ya cike ta wanda ya biya, ba wanda zai sani. Da ya yi haka da ya ɓata abin da ya fi kuɗin. Takardu biyu masu lamba ɗaya da adadi daban za su kasance a hannun mai saye, littafinmu ya ce wani abu, nasa ya ce wani, ranar da mai binciken kuɗi ya zo ba wanda zai yarda kuskure ne. Kuskuren da aka ɓoye sunansa yakan canza. Shi ya sa saƙon ya raba abu uku ba tare da ya lissafa su ba. Abin da ke cikin ikonsa ya riga ya yi: ya duba sauran takardu, ya shirya sababbi. Abin da ke bukatar izini ya shirya ya ajiye: "ban aika ba, in ka amince." Abin da ya fi ƙarfinsa ya miƙa shi sama da tambaya mai sauƙin amsawa. Bai ce "yaya za a yi?" ba, wadda ke zube wa maigida kayan gaba ɗaya. Ya ba shi zaɓi biyu da zai iya amsawa da kalma ɗaya. Kuma mai sayen da ya riga ya biya babban ɗan kwangila ne da suka shekara goma suna hulɗa da Alhaji, ba wanda ƙaramin akawu zai kira ya ce masa ciko ba ne.

Ku lura kuma babu "ba zan sake ba har abada" a ciki, babu "a cire a albashina". Alkawarin da ba ka da ikon cikawa ba gyara ba ne. Miƙa albashi tun ba a tambaya ba kamar sayen shiru ne, kuma hukunci ba naka ba ne ka yanke wa kanka. Abin da ya sa a madadinsu ƙarami ne mai kamawa: ƙarfe 4. "In sha Allah" da ke tafe da lokaci alkawari ne. Wadda ba ta da lokaci, mu duka mun san yadda ake jin ta a wurin aiki.

Lokaci shi ma sauti ne. Ya gano da la'asar, ya faɗa kusan ƙarfe 10 na dare. A cikin awannin nan ɗaya daga mutum biyun zai iya tura kuɗinsa, abin ya ƙara wuya. Na fahimci abin da ya riƙe shi, yana ta juya maganar ne yana neman yadda zai faɗe ta ba ta yi ciwo ba. Babu wannan hanyar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In abin yana ci gaba da ɓaci, kamar mota ta ɗauki kaya ba daidai ba tana hanya, kira za ka yi nan take ko ba ka gama haɗa bayani ba, ka faɗi abin da ka sani da abin da kake kan dubawa. In maigida yana ofis ɗaya da kai, ka je ka same shi shi kaɗai, ka faɗa da baki, sannan ka bi da rubutu don lambobin su zauna. Saƙon murya na minti huɗu kada ka yi shi: ba a iya duba adadi a cikinsa, bai dace a tura shi gaba ba, kuma rawar muryarka ce za ta fi fitowa. Kada ka sa a zauren WhatsApp na ma'aikata. In ka tura, ka bar wayarka a kunne.

Ba zan yaudare ku in ce saƙo mai kyau yana hana hukunci ba. Duk wanda ya zauna gaban malamai ya ji labarin Ka'abu ɗan Malik, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo Madina, mutum tamanin da 'yan kai suka zo suna kawo uzuri suna rantsuwa, aka karɓi zahirinsu. Ka'abu mawaƙi ne mai fasahar magana, ya san zai iya tsara abin da zai fitar da shi, amma ya faɗa a fili cewa ba shi da wani uzuri, yana da lafiya yana da abin hawa. Shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya aka ƙaurace musu kwana 50, ba mai yi musu magana, kafin ayar karɓar tubarsu ta sauka a Suratut Tauba. Masu uzuri sun koma gida a ranar ba abin da ya same su, mai gaskiya ya sha kwana hamsin. Wanda zai amsa laifinsa ya shiga da sanin cewa zai iya biyan farashi, ba dabarar tsira ba ce yake yi.

Alhaji ya amsa saƙonmu bayan minti goma da layi ɗaya: a kai wa biyun, shi zai kira na farkon. Yaron ya hau babur ya kai takardun, ya karɓo tsofaffin ya kawo mini, na soke su da jan biro na maƙala su a fayil tare da sababbin. Mai takardar miliyan 1.6 ya karɓa ba musu. Mai ta miliyan 2.4 ya yi faɗa, ya ce ya riga ya yi wa wanda ya aiko shi lissafi, sai ya tuntuɓa. Ɗan kwangilar ya ja maganar mako biyu kafin ya turo cikon, ya kuma nemi ragi a odarsa ta gaba, aka yi masa. Yaron ya sami takardar gargaɗi a fayil ɗinsa, ni ma Alhaji ya kira ni ofishinsa ya gaya mini abin da ya dace in ji.

A ranar Juma'ar dai, ƙarfe 4 saura minti biyar, ina zaune ina jin sa a ɗaya ɗakin yana danna waya. Saƙon ya shigo: "Ranka ya daɗe, na kai duka biyun, na karɓo tsofaffin. Mai 40,000 ya amince, zai biya Litinin. Mai 60,000 bai amince ba tukuna, ya ce in kira shi gobe da ƙarfe 11. Zan kira shi, in gaya maka abin da ya ce."